Jinin Al'ada Bayan Ƙwaya, Allura ko Ashanar Hannu: Wanne Ne Ba Damuwa, Wanne Ne Na Zuwa Asibiti?

A taron zubi, da zarar an rufe akwati an fara hira, maganar nan ba ta rasa tasowa. Wata ta ce, “Ni tunda na yi wagga allura jini bai barina, yau ɗigo gobe ɗigo.” Wata ta ce nata ya ɗauke wata biyar, kuma uwar mijinta ta gaya mata jinin yana can yana taruwa a ciki. Mata da yawa suna barin tazarar haihuwa a kan wannan, wani lokaci da jariri ɗan wata takwas a baya, sai ciki ya shiga ba shiri. Ga yadda abin yake.

Daga ina jinin yake fitowa?

Kowane wata mahaifa tana yin shimfiɗa a bangonta na ciki, mai kauri da jijiyoyin jini, domin tarbar ciki. Idan ciki bai shiga ba sai shimfiɗar ta sauka. Wannan shi ne jinin al'ada. Ba dattin jiki ba ne da ake tarawa ana zubarwa, shimfiɗa ce da aka yi ba a yi amfani da ita ba.

Ƙwaya da allura da ashana duk suna ɗauke da wani sinadari mai kama da wanda jikin mace yake yi da kansa, ana ce masa furojestin. Yana hana ƙwai fitowa ko ya rage fitarsa, yana kaurara ruwan bakin mahaifa, yana kuma hana shimfiɗar nan yin kauri. To, siririyar shimfiɗa halinta biyu ne. Da farko ƙananan jijiyoyinta suna saurin tsagewa, kamar yaɓen ɗaki da bai ji ƙasa sosai ba, nan ya ɓare can ya ɓare. Shi ne ɗigon da kike gani ba kan lokaci ba. Daga baya idan ta ƙara sirancewa, babu ma abin da zai sauka, sai jinin ya ɗauke. Kin ga ke nan mai ɗigo da wadda nata ya ɗauke dalilinsu ɗaya ne. Kuma babu jinin da yake taruwa a ciki, tunda ba a yi shimfiɗar ba balle ta taru.

Ƙwaya

Ƙwayar da aka fi sani kati ne mai guda 28: guda 21 masu magani, 7 masu launi dabam waɗanda ba su da sinadarin. Jini yana zuwa ne a kwanakin waɗannan bakwai ɗin, kuma yawanci ya fi na da sauƙi, kwanakinsa sun ragu, ciwon mara ma ya ragu. A wata uku na farko ɗan ɗigo a tsakiyar kati ba abin mamaki ba ne. Idan ya wuce haka yana nan, abu na farko da za ki duba shi ne katin kansa. Akwai ranar da kika tsallake? Kina sha yau da safe gobe da dare? Kin yi amai ko gudawa mai tsanani? Ɗigon da ya biyo bayan mantuwa gargaɗi ne cewa kariyar ma ta yi rauni.

Akwai ƙwayar da ake ba masu shayarwa, wadda furojestin kaɗai ne a ciki, duk katin iri ɗaya. Ita ba ta ɗaukar jinkiri: kada ki wuce awa uku daga lokacin da kika saba sha. Ki haɗa ta da wata salla, kamar isha'i. Mai shayarwa tana iya daɗewa ba ta ga jini ba. Wadda ba ta shayarwa takan ga jini yana zuwa ba tsari.

Allura

Nan ne aka fi samun kuka. Akwai ta wata uku, Defo, da ƙanwarta Sayana wadda ake yi a ƙarƙashin fata, har mace tana iya koyon yi wa kanta. Akwai kuma ta wata biyu, Noristerat, wadda kwanakin jininta sukan fi kaɗan a watannin farko.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata 'yar ƙungiya daga wani ƙauyen Bakura ta shigo Talata Mafara ranar kasuwa, ta biya asibiti aka yi mata Defo. Allura ta gaba bayan mako 13 ce, wato Talata goma sha uku, ko zubi goma sha uku in ƙungiyarku mako-mako take zama. A cikin waɗannan makonni al'adarta ta zo sau ɗaya kusan yadda ta saba. Daga nan sai ɗigo mai ruwan ƙasa-ƙasa, kwana huɗu ya tsaya, bayan kwana tara ya dawo, wani karon ya yi kwana bakwai. Bai jiƙa ƙyalle, iyakarsa ya ɓata ɗan kamfai. Ba ciwon mara, ba wari, ba jiri. Wannan duka cikin abin da ake tsammani yake, kuma allurar tana aikinta.

Bayan allura ta biyu ɗigon ya ragu zuwa kwana biyu ko uku nan da can. Bayan ta huɗu, shiru. Kusan rabin matan da suka shekara a kan Defo ba sa ganin jini sam, kuma adadin yana ƙaruwa a shekara ta biyu. Indai ba ta makara da allura ba, wannan shirun ba ciki ba ne, ba kuma alamar mahaifa ta mutu ba ce.

Maganar makara tana da muhimmanci a yankinmu, inda wata rana hanyar Maradun ko ta ƙauyukan Bakura ba ta biyuwa. Defo da Sayana suna ɗaukar jinkirin mako huɗu bayan ranar da aka rubuta miki, Noristerat mako biyu. A cikin wannan tazara ki je kawai a yi miki. In kin wuce, ki je duk da haka, amma sai an tabbatar ba ki da ciki, kuma ku yi amfani da kwaroron roba ko ku haƙura kwana bakwai. Wadda ta san hanyarsu ba tabbas, ta tambayi ma'aikaciyar lafiya ko za a koya mata Sayana ta tafi da ita gida.

Abu ɗaya da ya kamata a gaya miki tun kafin allurar farko: bayan an daina Defo, al'ada da haihuwa suna ɗan jinkirin dawowa. Mata da yawa sai kusan wata goma daga allurar ƙarshe suke samun ciki. Jinkiri ne, yana wucewa. Amma mai son ciki baɗi war haka ta yi lissafi da shi.

Ashana

Ashanar hannu iri biyu aka fi samu: mai sanda ɗaya, Imfilanon, ta shekara 3, da mai sanda biyu, Jadel, ta shekara 5. A hana ciki ta fi ƙwaya da allura, amma a maganar jini ita ce ba a iya yi mata alƙawari. A masu sanda ɗaya, kamar mace ɗaya cikin biyar jininta yakan ɗauke, kamar ɗaya cikin uku sai jefi-jefi, sannan kusan ɗaya cikin biyar takan yi fama da jini mai jan kwanaki. Bambancinta da allura shi ne ba lallai ta kai ga shiru ba. Yadda wata uku na farko suka kasance yakan nuna yadda za a ci gaba: wadda ta samu sauƙi galibi haka za ta tafi, wadda ta sha wuya kuma kusan rabinsu suna samun sauƙi daga baya. In kin kai wata shida ko fiye abin ya ishe ki, haƙƙinki ne a cire miki ki koma wata hanyar. Sai dai ki sani da an cire ciki yana iya shiga nan take.

Ki gaya wa ma'aikaciya in kina shan maganin tarin fuka ko na farfaɗiya. Wasunsu suna rage ƙarfin ashana da ƙwaya, su kawo ɗigo, su kuma buɗe wa ciki ƙofa. Defo ba ta da wannan matsala.

Rubuta shi kamar zubi

Ba wadda take yarda a ce mata “ina jin kin zuba sau shida.” Sai an buɗe littafi. Haka jini. Ki samu takarda ko kalanda: ranar ɗigo ki sa ɗigo, ranar da sai da ƙyalle ko audugar mata ki ja layi. Mai cewa “wata guda cur ina jini” sau da yawa in an duba sai a ga layi huɗu ne da ɗigo goma sha ɗaya, kuma maganin waɗannan biyun ba ɗaya ba ne.

Takardar nan za ta yi miki amfani wajen ibada ma, wanda ga mata da yawa shi ne ainihin damuwar. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya wuce iyaka jinin ciwo ne, istihala, kuma mai shi tana salla da azumi. Yadda za a lissafa naki ya danganta da kwanakin da kika saba, don haka ki kai wa malamar Islamiyya takardar, kada ki yi ta ajiye salla makonni a kan zato. Maigida ma a nuna masa tun wuri, ya san ba wata cuta ba ce.

Lokacin da ba a jira

Ki je asibiti idan jinin ya ninka wanda kika saba, ko ya wuce kwana 8 yana zuba sosai. Akwai magani na kwana biyar, irin su ibufurofen, wani lokaci kuma a ba mai ashana ko allura katin ƙwaya ɗaya ya daidaita ta, a haɗa da maganin ƙarin jini. Kada ki saya a kemis da kanki, musamman in kina da gyambon ciki ko hawan jini. Sauƙin yakan zama na ɗan lokaci, jinin yana iya dawowa.

Ki je kuma idan jini yana biyo bayan saduwa, ko ya zo da zazzaɓi da ciwon mara da ruwa mai wari, ko kin yi watanni lafiya lau sai kwatsam ya ɓalle. Irin wannan ba a ɗora wa allura laifi sai an duba, domin ciwon sanyi da ɓari da sankarar bakin mahaifa duk haka suke farawa.

Biyu kuwa ba sa kwana. Na farko, jini yana jiƙa ƙyalle duk awa ɗaya ko biyu, ga jiri da bugun zuciya. Na biyu, ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara tare da ɗigo ko sumewa, wanda kan iya zama ciki a wajen mahaifa. Waɗannan na babban asibiti ne, Talata Mafara ko Bakura ko Maradun, duk wanda ya fi kusa, in ya fi ƙarfinsu su tura Gusau. In kuɗin mota ne babu, a buɗe asusun taimakon gaggawa na ƙungiya a daren, a rubuta da safe.