Kwas shida, mako huɗu: yadda ake tsara jadawalin bita

Da zarar an manna jadawalin jarrabawa a allon sanarwa, azuzuwan da ke zama fayau da daddare sai su cika maƙil. A Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ɗalibai na kwana a aji da shayi da maganin sauro, kowa na ƙoƙarin haɗiye karatun wata uku a dare biyu. Da yawansu sun saka tunatarwa a waya, amma abin da ke rubuce a ciki bai wuce "karatu, ƙarfe takwas" ba. Irin wannan tunatarwa ba ta faɗa wa ɗalibi wane kwas zai buɗe ba, don haka hannunsa sai ya kai ga wanda ya fi so, mai wuyar kuma ya yi ta jiran gobe.

Tun 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mafi yawan mantuwa tana faruwa ne cikin awannin farko bayan an koyi abu, sannan ta rage gudu. Komawa kan darasi bayan 'yar tazara kuma yana sa ya daɗe a ƙwaƙwalwa. Ke nan babban aikin jadawali shi ne tuna wa ɗalibi ranar da zai koma kan abin da ya riga ya karanta.

A ɗauki ɗalibar da ke da kwas shida, kowanne da darussa takwas, jarrabawa kuma saura mako huɗu. Darussa 48 ke nan. Idan ta ware Juma'a huɗu ta bar su babu komai, tana da kwana 24, wato darasi biyu a kowace rana, daga kwasa-kwasai daban-daban. Duk darasin da ta karanta za ta waiwaye shi sau uku: washegari, bayan kwana uku, sannan bayan mako guda. Wanda ta karanta ranar Litinin zai dawo Talata, ya dawo Alhamis, ya sake dawowa Litinin ta gaba. Idan tsarin ya kankama, kimanin waiwaye shida ke jiran ta kullum, kowanne minti goma, kimanin awa ɗaya jimilla.

Yadda ake waiwayen ya fi yawansa muhimmanci. Ta rufe handaut, ta ɗauki farar takarda ta rubuta abin da ta tuna, ko ta amsa wata tsohuwar tambayar jarrabawa, sannan ta buɗe ta ga inda ta yi giɓi. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun gwada ɗalibai a Amurka: bayan minti biyar masu maimaita karantawa ne a gaba, amma bayan mako guda waɗanda suka gwada kansu sun zarce su. Maimaita karatu yana da daɗi domin shafin ya zama sananne a ido, kuma nan yaudarar take.

Wane kwas zai shiga farko? Wanda za a fara rubutawa, sai mai nauyin yunit. A tsarin maki biyar, A a kwas mai yunit uku maki 15 ne, C kuma 9. A kwas mai yunit ɗaya bambancin maki biyu ne kacal. Darussan makon ƙarshe ba za su sami waiwaye na uku ba, don haka a bar masa masu sauƙi da waɗanda jarrabawarsu ke can baya.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne saka wa kowane waiwaye ƙararrawarsa. Darussa 48 sau uku ya ba da 144, kuma wayar da ke kuka haka, kafin mako ya fita an daina kula ta. Uku a rana sun wadatar, a jingina su da lokutan da ba sa kuɓucewa: waiwaye bayan Asuba, sabon darasi bayan La'asar, wani bayan Isha'i. A Google Calendar ko ƙararrawar waya, a rubuta sunan kwas da lambar darasin. A kuma kwafe jadawalin a takarda a manna a bango, domin caji na ƙarewa idan wuta ta yi nisan zango, wasu wayoyin ma na danne sanarwa don tattalin batir.

Idan ɗalibar ta ga ta share tunatarwar La'asar kwana uku a jere, lokacin ne bai dace ba, sai ta matsar da shi ko ta rage aikin. Abin da ya tsere mata cikin mako ta biya shi ranar Juma'a, kada ta ɗora wa gobe. Idan kuma sashe ya sauya ranakun jarrabawa, abin da ba baƙo ba ne, jerin kwasa-kwasan kawai za ta sake, tazarar waiwaye tana nan yadda take.