Ninka kaɗawar igiya sau biyu, aikin ya ninku sau huɗu

Idan aka ɗaure doguwar igiya a jikin bishiya, aka ja ta ta miƙe, sannan aka riƙa kaɗa bakinta sama da ƙasa, sai a ga tozo yana bin tozo a guje zuwa bishiyar. Amma ƙyallen da aka ƙulla a tsakiyar igiyar ba ya zuwa ko'ina, tashi yake yi yana sauka a wuri guda. Abin da ke tafiya shi ne makamashin da hannu ya zuba, kowane ɓangaren igiya yana jan maƙwabcinsa yana miƙa masa.

Yawan makamashin da ke wucewa a kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da wat, masana kimiyyar lissafi da motsi suna rubuta shi haka: P = ½μω²A²v. Harafin μ nauyin mita ɗaya ne na igiyar, v saurin tafiyar tozon, ω kuma yawan kaɗawa a daƙiƙa sau 2π. Shi kuwa A, nisan da igiya ke tashi ne daga inda take kwance.

Me ya sa A ke ninka kansa? Saboda aikin hannu a kowace daƙiƙa ƙarfi ne sau sauri, kuma ɗaga hannu yana ƙara su duka biyun. Wanda ya ninka nisan ba tare da ya rage yawan kaɗawa ba, dole hannunsa ya ci tazara ninki biyu cikin lokacin da bai ƙaru ba, don haka saurinsa ya ninku. A lokaci guda gangaren tozon ya ƙara tsini, igiyar kuma tana turje wa hannun da ƙarfi ninki biyu. Biyu sau biyu huɗu ke nan.

A ɗauki igiya mai nauyin giram 100 a kowace mita, an ja ta da ƙarfin niyuton 40. Tozo zai bi ta da saurin mita 20 a daƙiƙa. Idan ana kaɗa ta sau 2 a daƙiƙa, tana tashi santimita 10, lissafin yana ba da kusan wat 1.6. A kai nisan santimita 20, sai ya zama wat 6.3. A santimita 30 ya haura wat 14, wato ninki tara na farko, kuma kafaɗar mai kaɗawa za ta shaida hakan.

Dokar tana aiki a juye ma, kuma nan ne ido ke yaudarar mutum. Idan tozon ya isa bishiya da rabin tsayinsa, ba rabin makamashin ne ya ɓace ba: kashi uku cikin huɗu sun tafi a gogayya da iska da zaren igiyar.

Lissafin yana da iyaka. Yana daidai ne muddin tozon ƙarami ne idan aka kwatanta da tazarar da ke tsakaninsa da na gaba, wadda a wannan misalin mita 10 ce. Idan aka fizgi igiyar da ƙarfi sosai, ɗamewarta takan riƙa canzawa a cikin kaɗawar, adadin da aka auna kuma ya kauce wa wanda aka lissafa.