Yawan bog ba ya faɗin gaskiya: ku duba shekarunsu da masu dawowa

Yau maganar bog za mu yi, wato kurakuran manhaja da aka rubuta musu tikiti suna jiran gyara. Da na fara jagorantar masu gwaji, adadinsu kawai nake kaiwa taro. Daga baya na gane adadin nan yana ɓoye abubuwa biyu.

Na farko, tsawon zaman bog a buɗe. A ce ƙungiyoyi biyu kowacce tana da bog 120. A ta farko, 100 ba su kai kwana 30 ba, biyar ne kacal suka haura kwana 90. A ta biyu, 70 sun haura kwana 90. Adadi ɗaya ne, amma ta farko ruwa ne mai gudu, ta biyu kududdufi. Tsohon bog yana da tsada: wanda ya rubuta lambar ya manta, wataƙila ma ya bar aikin. A Jira ga yadda nake zaƙulo su:

```
issuetype = Bug AND resolution = Unresolved AND created <= -90d
```

Kada ku tara kwanakin ku raba da adadi, domin bog biyu masu shekara uku za su karkatar da lissafin. Ku jera su daga sabo zuwa tsoho, ku ɗauki na tsakiya. Masu tsanani kuma ku ware su daban: bog mai hana biyan kuɗi, kwana goma ma ya tsufa.

Na biyu, waɗanda aka rufe suka dawo. A ce ƙungiyar farkon nan ta rufe 40 a wata guda, goma aka sake buɗewa. Kashi 25 cikin ɗari ke nan, ɗaya cikin huɗu. To kun ga saurin nata akwai lauje cikin naɗi. Galibi ko dai tikitin bai bayyana matakan maimaita matsalar ba, ko an gyara alama an bar tushe, ko an rufe kafin mai gwaji ya tabbatar. Ku ba wa rukunin watan makonni kafin ku ƙirga, don wanda aka rufe jiya bai samu lokacin dawowa ba.

Amma fa a kula, ma'aunan nan ana iya yi musu wayo. Idan aka rufe tsofaffin tikiti a rana ɗaya ba gyara, shekaru za su faɗi. Idan masu gwaji suna buɗe sabon tikiti maimakon tsohon, masu dawowa za su koma sifili, agogon shekarun ma ya fara daga farko. Shi ya sa nake ɗauko sababbin tikiti goma, in duba ko akwai wanda na taɓa gani an rufe.

Ku gwada a wajen aikinku, ku faɗa mini abin da kuka tarar. Sai mun haɗu a shiri na gaba.