Canjin Kuɗi a Allon Rahoto da Ranakun da Babu Farashi

Allon rahoto da ke tattara cinikin kamfani daga ƙasashe daban-daban yakan mayar da kowace shigar kuɗi zuwa kuɗi iri ɗaya. Ƙa'idar ita ce a yi amfani da farashin ranar cinikin. Idan aka ɗauki farashin yau, ribar bara za ta riƙa sauyawa kullum, alhali ba a sayar da komai ba.

Matsalar tana ɓullowa ne a ranar da majiyar farashi ta yi shiru. Babban Bankin Turai, alal misali, ba ya fitar da farashi ranakun Asabar da Lahadi. A ɗauka an yi cinikin Yuro 200 ranar Asabar, farashin Juma'a kuwa Dala 1.10 ne a kan kowace Yuro. Sai manhaja ta janyo na Juma'a, ta nuna Dala 220, ta sa alamar cewa farashin na aro ne. Cike gurbin da sifili babban kuskure ne, domin cinikin zai ɓace daga jimilla ba tare da kowa ya ankara ba.

Aro ma yana da iyaka. Hutun Ista kan rufe majiyar kwana huɗu a jere, don haka shirun da ya wuce wannan alama ce ta yankewar sadarwa. Nan ya kamata allon ya yi gargaɗi, a sake lissafi da zarar farashin gaskiya ya iso.