Naira Dubu Ashirin a Kan Takardar Siminti

Wani dillali a Kano ya kai wa kamfanin gini buhun siminti 200 a kan naira 9,000 kowanne, wato naira 1,800,000. Harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari, adadin da ake caja a Najeriya tun Fabrairun 2020, ya kama naira 135,000. Jimilla kenan naira 1,935,000, amma a ƙasan takardar neman biya an rubuta 1,955,000.

Akantar kamfanin ba ta ɗauki biro ta gyara ba, kuma ta yi daidai. Takardar ta dillali ce, kwafinta na cikin littafinsa. In aka gyara gefe guda, ranar da masu binciken kuɗi suka zo, littattafan biyu za su saɓa.

Sai ta aika saƙo. Bayan gaisuwa ta kawo lambar takardar da kwanan watanta, ta jera lissafin, sannan ta ce: "Alhaji, farashi da haraji duk daidai suke, wajen tarawa ne aka samu ƙarin naira 20,000. Don Allah a soke wannan, a turo sabuwa mai ambaton lambar tsohuwar. Da ta iso za mu biya."

Ba ta zargi kowa ba, domin sau da yawa hannu ne ke zamewa a kan kalkuleta. Sabuwar takarda ta iso da la'asar.