Jimillar da ta ƙi bin lissafi: yadda lambobi huɗu ke fitowa daga rajista ɗaya ta Gwantu

Duk hadimin da ya taɓa shirya wa maigidansa takardar bayani kafin zaman kare kasafin kuɗi ya san wannan faɗuwar gaba. An buɗe allon bayanai na ma'aikata, wanda aka fi kira dashbod, an tace jiha da ƙaramar hukumar da ake so, layuka sun bayyana reras. Sai darakta ya jawo kalkuleta ya tara su ɗaya bayan ɗaya, abin da ya samu ya saɓa da jimillar da ke ƙasan teburin. Daga nan zargi ke farawa: ko na'ura ta lalace, ko wani ya taɓa alƙaluma. Galibi kuwa babu ko ɗaya. Abin da ke ƙasan teburin amsa ce ta wata tambaya daban da wadda darakta ya yi wa kalkuletarsa.

Gwantu, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Sanga a kudancin Jihar Kaduna, wuri ne da ya dace a gane wannan al'amari. Garin na kan hanyar Akwanga zuwa Jos, ƙaramar hukumar kuma na maƙwabtaka da jihohin Nasarawa da Filato, saboda haka jama'a a kan tafiya suke. Mace mai ciki na iya fara awo a ƙaramin asibitin Fadan Karshi, wata na gaba ta biyo mota zuwa babban asibitin Gwantu. A ƙarshen kowane wata asibitoci na tura taƙaitaccen rahotonsu zuwa ofishin lafiya na ƙaramar hukuma, a shigar da shi cikin DHIS2, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙirƙira wadda Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ke tattara bayanan asibitoci da ita. Rahoton wata adadi kawai yake ɗauke da shi, ba sunaye ba. Rikicin da muke magana a kai ya fi fitowa ne idan wani shiri ya riƙe rajistar mutum ɗai-ɗai, ya ɗora ta a kan Excel ko Power BI, kamar yadda ofisoshi da yawa a Abuja ke yi.

Bari mu ƙaddara irin wannan rajista ta awon ciki ta wata uku. Lambobin da ke tafe na misali ne, ba alƙaluman hukuma ba. Teburin ya nuna mata 240 a Gwantu, 150 a Fadan Karshi, 90 a Aboro, 70 a Nandu. Kalkuleta za ta ce 550. Ƙasan teburin kuwa ya ce 505.

Dalili shi ne Power BI ba ya tara layukan da ke sama don ya fitar da jimilla. Yana ɗaukar dabarar lissafin da aka rubuta masa ne ya gudanar da ita sau ɗaya a kowane layi, sannan ya sake gudanar da ita a layin ƙarshe ba tare da sharaɗin gari ba. Idan dabarar ƙidayar mutane ce ba tare da maimaici ba, kamar wannan:

```
Mata = DISTINCTCOUNT(Awo[LambarKati])
```

to a layin Gwantu tambayar ita ce mata nawa ne suka taɓa zuwa Gwantu, a layin ƙarshe kuma mata nawa ne suka zo awo a ko'ina. Matar da ta je gari biyu ta fito a layi biyu, kuma da gaskiyarta a kowanne, amma a jimilla mutum ɗaya ce. A misalinmu mata 45 ne suka yi haka, shi ya sa 550 ta koma 505.

Yanzu a tace, a bar Gwantu da Fadan Karshi kaɗai. Layuka biyu suka rage, 240 da 150, wato 390 a kalkuleta. Jimillar teburin ta ce 362, domin 28 daga cikin matan nan 45 tsakanin waɗannan garuruwa biyu suka yi zirga-zirgarsu. A nan ne mai lura zai ƙara rikicewa. An cire Aboro da Nandu masu 160, amma jimilla ta ragu da 143 kacal. Giɓin 17 ɗin ya fito ne daga sauran matan da suka je gari biyu. Wadda ta je Aboro ta kuma je Gwantu ba ta fita daga lissafi ba, tunda sunanta na nan a Gwantu. Wadda ta je Aboro da Nandu ta fita, amma sau ɗaya ta fita, ko da yake sau biyu aka ƙirga ta a cikin 160 ɗin.

Sai lamba ta uku. A saman yawancin irin waɗannan alluna akwai ɗan akwati mai manyan lambobi, wanda ido ke fara sauka a kai, kuma shi ake yawan kwafa zuwa jawabin minista. Bayan an tace, mai yiwuwa akwatin ya ci gaba da nuna 505. Wannan matsala ce ta iyakar tacewa. A Power BI matakan tacewa uku ne, kuma an rubuta su a gefen dama: `Filters on this visual`, `Filters on this page` da `Filters on all pages`. Wanda ya tace a mataki na farko, teburin da ya danna kaɗai ya tace; akwatin sama bai san an yi ba. Wani lokaci ma da gangan mai ginin allon ya sa `ALL` a cikin dabarar akwatin don ta yi watsi da tacewa, saboda yana son adadin ƙaramar hukuma baki ɗaya ya tsaya a matsayin ma'auni. Niyyar ba ta da aibi. Aibin shi ne da wuya a rubuta hakan a jikin akwatin, sai a bar kalma ɗaya tak, "jimilla", ta ɗauki nauyin ma'ana biyu.

Lamba ta huɗu daga Excel take fitowa, kuma ita ce ta fi saurin kama mutane. Hadimi ya sauke teburin garuruwa huɗun, ya tace ya bar biyu, ya duba ƙasa ya ga 550. `SUM` ba ruwanta da ɓoyayyen layi; duk abin da ke cikin kewayon da aka ba ta tarawa take yi, ana ganinsa ko ba a gani. Mai son jimillar abin da ido ke gani sai ya koma ga wannan:

```
=SUM(B2:B5)
=SUBTOTAL(9,B2:B5)
=SUBTOTAL(109,B2:B5)
```

Ta farko za ta ba da 550 ko an tace. Ta biyu na tsallake layukan da tacewa ta ɓoye, ta ba da 390. Ta uku na ƙara tsallake har waɗanda aka ɓoye da hannu. Amma a kula, ko `SUBTOTAL` ba za ta iya kaiwa ga 362 ba, domin teburin da aka sauke ya riga ya zubar da lambobin katin matan. Da zarar an taƙaita rajista zuwa adadi a kowane gari, babu dabarar da za ta sake gano wace ce ta je gari biyu.

Ga mu da 362, 390, 505 da 550 daga rajista ɗaya, kuma babu wadda ta fito daga kuskuren na'ura. Wacce za a saka a takarda ya danganta da abin da za a yi da ita. Idan gidan sauro za a raba, ɗaya ga kowace mai ciki a garuruwan biyu, 362 ake buƙata. Wanda ya nemi kuɗin 390 zai sha tambaya a gaban masu binciken kuɗi kan guda 28 da babu masu su. Idan kuwa ana auna yawan matan da kowane asibiti ya buɗe wa fayil ne, 390 ce daidai, domin ungozomar Gwantu ta yi wa matar aiki, ta Fadan Karshi ma ta yi. Mai ginin allon na iya tilasta wa layin ƙarshe ya tara layuka da `SUMX(VALUES(Awo[Gari]), [Mata])`, sai kalkuleta da allo su daidaita, hankalin darakta ya kwanta. A ganina bai kamata a yi hakan don neman zaman lafiya kawai ba. Idan an yi, to a sauya sunan layin, domin ya daina ƙirga mata.

Akwai wani wurin da ƙidayar marar maimaici kanta ke yaudara, kuma ya fi duk na baya haɗari domin ba ya nuna alama. Dabarar lambar kati take ƙirgawa, ba fuska ba. Idan kowane asibiti na ba da tasa lambar, matar da ta je gari biyu ta zama mata biyu, jimilla ta yi daidai da kalkuleta, kowa ya gamsu, alhali an ƙirga ta sau biyu. Akasin haka ma na faruwa: idan asibitin Aboro da na Nandu duk daga 001 suke fara lambar katinsu, manhajar za ta haɗe mata biyu da ba su taɓa ganin juna ba ta mayar da su mutum ɗaya, jimilla ta faɗi ƙasa warwas. Giɓi mai girman da ya wuce hankali tsakanin jimilla da layuka, kamar a ce rabi, ya kamata ya sa a fara duba lambobin katin kafin a yarda cewa matan Sanga haka suke yawo.

Kaso cikin ɗari ma bin wannan ƙa'ida yake yi. A ce an yi wa yara 180 cikin 200 rigakafi a Gwantu, kashi 90 ke nan, a Nandu kuma 20 cikin 50, kashi 40. Mai raba biyu zai ce 65. Allon zai ce 80, domin ya haɗa 200 cikin 250, kuma shi ke da gaskiya: garin da ya fi yara ya fi nauyi a ma'auni.

Gano wanne ne daga cikin waɗannan ba ya cin minti biyar. A fara sauya tacewar a zuba wa jimilla ido. Idan ba ta motsa ba, tacewa ba ta isa gare ta ba, sai a duba matakin da aka tace ko a nemi `SUM` da `ALL` a cikin dabarar. Idan ta motsa amma ta gaza jimlar layuka, ana ƙirga mutane ne ba tare da maimaici ba; a tace ya rage gari ɗaya, za a ga layin da jimillar sun zama abu ɗaya. Idan ta zarce jimlar layuka, akwai layin da ba a gani, ko dai yana can ƙasa sai an gangara, ko an ɓoye shi, ko kuma na waɗanda aka bar gurbin garinsu fanko ne a rajista. Wannan na ƙarshen sai an koma wurin wanda ya shigar da bayanan, a buɗe littafin rajistar asibitin a ga garin da ya kamata a rubuta.