Jeri ko Taswira: Wanne Ya Fi Tsara Bitar Jarrabawa?

Idan jarrabawa ta matso, ɗalibi kan zauna ya tattara abin da zai yi bitarsa a takarda guda, don ya san yawan aikin da ke gabansa. Hanyar da kusan kowa ya saba da ita ita ce jeri: a rubuta darussa ɗaya ƙarƙashin ɗaya, a sa musu lamba, a riƙa soke wanda aka gama. Ɗaya hanyar ita ce taswirar tunani, inda ake sa sunan darasi a tsakiyar takarda, manyan rassa su fita daga gare shi, ƙananan rassa kuma su tsiro daga manyan. Wani Bature ɗan Ingila mai suna Tony Buzan ne ya yayata wannan hanya ta wani shiri da ya gabatar a talabijin ɗin BBC a 1974. Domin mu auna su da ma'auni guda, bari mu ɗora su a kan aiki guda, wato bitar darasin Hausa na jarrabawar JAMB.

Manhajar wannan darasi ta kasu gida uku: Harshe, Al'adu da Adabi. Mai yin jeri zai fara daga sama. A ƙarƙashin Harshe zai rubuta ƙa'idojin rubutu, auna fahimta, insha'i, fassara, tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jimla da ma'ana. A ƙarƙashin Al'adu zai jero rayuwar Hausawa, zamantakewa, sana'o'in gargajiya, kayayyakin buƙatun rayuwa, bukukuwa da wasanni, camfe-camfe da bauta, sarautu da magungunan gargajiya. Da ya iso Adabi sai ya rubuta layi biyu kacal: adabin baka da rubutaccen adabi. Cikin 'yan mintoci ya gama, yana da layi 18, kuma babu abin da ya faɗi a ƙasa. Wannan shi ne ƙarfin jeri. Yana da sauri, ba ya buƙatar gwaninta, kuma yana amsa tambayoyi biyu da ɗalibi ke yi wa kansa kullum: nawa na gama, saura nawa?

Sai dai jeri yana da wani aibi da ba ya bayyana da wuri. Kowane layi a cikinsa tsawonsa ɗaya da ɗan'uwansa, don haka ido kan ɗauka nauyinsu ma ɗaya ne. Layin da ya ce “magungunan gargajiya” da wanda ya ce “rubutaccen adabi” sun ci wuri daidai a takarda, alhali na farko aikin kwana ɗaya ko biyu ne, na biyu kuwa ya ƙunshi littattafan zube da na waƙa da na wasan kwaikwayo da aka zaɓa wa ɗalibai, kowanne sai an karanta shi an san jigonsa da salonsa da taurarinsa. Ɗalibin da ya soke layi 16 cikin 18 zai ji kamar ya kusa gamawa, alhali kashi ɗaya cikin manyan kashi uku na darasin bai ko taɓa shi ba. Ga kuma halin ɗan Adam na farawa daga sama: abin da ke saman jeri kan samu mako guda, abin da ke ƙasa kuma ya samu daren ƙarshe.

Taswira tana tona wannan asiri tun kafin a fara karatu, amma sai an zana ta yadda ya kamata. A samu babbar takarda marar layi, a kwantar da ita a faɗinta, a rubuta “Hausa” a tsakiya a kewaye shi. Zanen farko da fensir ake yi, domin kusan kullum sai an sake shi. Idan ɗalibi ya bi manhaja kai tsaye, zai fitar da rassa uku. Harshe zai ɗauki ƙananan rassa takwas, Al'adu takwas, Adabi biyu. Da ya ja baya ya dubi takardar, zai ga gefe biyu sun cushe har rubutu na hawa kan rubutu, gefe guda kuma fili ne fetal. Wannan karkacewa ita ce alamar farko cewa rabon bai yi daidai ba. Reshen da ya cushe yana neman a raba shi, wanda ya rame kuma yana neman a tambaye shi: da gaske ba ka da kaya, ko dai ba a kwance ƙullinka ba ne?

Ga yadda gyaran zai kasance. Harshe ya rabu biyu: reshen “Nahawu” ya ɗauki tsarin sauti, ƙirar kalma, ginin jimla da ma'ana, reshen “Rubutu” kuma ya ɗauki ƙa'idoji, auna fahimta, insha'i da fassara. Al'adu ma ya rabu biyu: “Zaman jama'a” ya ɗauki rayuwa, zamantakewa, bukukuwa da camfi, “Sana'a da mulki” ya ɗauki sana'o'i, kayan buƙatu, sarautu da magunguna. Adabi kuwa, ƙananan rassansa biyu su ne za a ɗaga su zama manya. “Adabin baka” ya tsiro da zuben baka, maganganun azanci, waƙoƙin baka da wasannin gargajiya, “Rubutaccen adabi” ya tsiro da zube, waƙa da wasan kwaikwayo. Yanzu akwai manyan rassa shida, biyar masu 'ya'ya hurhuɗu, ɗaya mai uku, jimla 23. Adabi, wanda a jeri layi biyu ne cikin 18, ya karɓi sulusin takardar, ya fito da ainihin girmansa.

A nan akwai abin lura. Daidaita rassa ba yana nufin a tilasta wa kowane reshe lamba ɗaya ba. Wanda ya ƙirƙiro reshe na huɗu a ƙarƙashin rubutaccen adabi don kawai ya cika huɗu, ya yi wa taswirarsa ƙarya. Ma'aunin gaskiya shi ne lokaci: kowane babban reshe ya zama aikin da zai ci kwanaki kusan daidai da na sauran. Idan reshe ya wuce 'ya'ya shida ko bakwai, a raba shi. Idan ɗa guda ne kawai gare shi, a haɗe shi da maƙwabcinsa. Manyan rassa biyar zuwa bakwai sun ishi takarda guda. Fiye da haka, mutum ba zai iya rufe ido ya kirawo siffar taswirar a zuciyarsa ba, kuma wannan kirawowar ita ce dalilin zana ta.

Bambanci na biyu tsakanin hanyoyin yana ga abin da ake rubutawa. Jeri yana ba da sarari, layi na iya tafiya har ƙarshen shafi, don haka ɗalibi kan kwafe jimlar littafi gaba ɗaya. Taswira ba ta da wannan sarari, kowane reshe kalma ɗaya zuwa uku yake ɗauka. Ɗauki ƙirar kalma. A maimakon a rubuta cewa ɗafi shi ne abin da ake liƙa wa saiwar kalma a gaba ko a tsakiya ko a ƙarshe, sai a ja reshe a ce “ɗafi”, daga shi a fitar da uku: “goshi”, “ciki”, “ƙeya”. A bakin kowanne a rataya misali guda: manomi, turame, yarantaka. Kalma bakwai sun riƙe abin da ke cin rabin shafi. Haka tsarin sauti: “gaɓa” ta fitar da BW, BWW da BWB, “karin sauti” ya fitar da sama, ƙasa da faɗau. Amfanin gajarta bai tsaya ga tsimin wuri ba. Kafin ka zaɓi kalma guda da za ta wakilci sakin layi, dole ka fahimci sakin layin, kuma duk sa'ad da ka ga kalmar, ƙwaƙwalwarka ce za ta kawo sauran bayanin.

Gajarta ma tana da iyaka. Idan ɗalibi ya rubuta “jigo” a ƙarƙashin littafin waƙa ya tsaya nan, bai ajiye komai ba, domin kowace waƙa tana da jigo. Abin da ya kamata ya rataya shi ne jigon kansa, kamar “gargaɗi” ko “ilimi”. Gwajin mai sauƙi ne: ka ɗora yatsa a kan kalmar, ka yi bayaninta da baki na minti guda ba tare da duba littafi ba. Idan bayani ya zo, kalmar ta yi aikinta. Idan ka yi shiru, ko dai kalmar ta yi faɗi da yawa, ko kuma darasin bai zauna ba, sai ka sa masa alama da jan biro ka koma littafi.

Akwai kuma wuraren da jeri ya fi taswira nesa ba kusa ba. Duk abin da ke buƙatar tsari na gaba da baya, ko lafazi daidai wa daida, ba ya zama a reshe. Ƙa'idojin haɗa kalmomi da raba su, kamar a rubuta “suna” na “suna zuwa” a haɗe amma “su ne” a rabe, sai an jera misalai an yi ta rubutawa. Fassara da auna fahimta kuwa, ba a haddace su, sai dai a yi ta gwaji da tsofaffin tambayoyi. Haka nan taswira ba ta san ranar Litinin ko Talata ba. Tana nuna siffar aiki, amma ba ta cewa yau ga abin da za a karanta.

Wani haɗarin taswira shi ne a mai da ita ado. Ɗalibi kan ɓata yini yana shafa launi, littafi a buɗe a gabansa, yana kwafa. Wani bincike da Jeffrey Karpicke da Janell Blunt suka buga a 2011 daga Jami'ar Purdue ta Amurka ya nuna cewa ɗaliban da suka rufe littafi suka rubuto abin da suka tuna sun fi waɗanda suka zana taswirar ra'ayoyi da littafi a buɗe samun maki bayan mako guda. Darasin a fili yake: a zana taswira sau ɗaya da manhaja a hannu, daga nan a riƙa sake zana ta da ka a farar takarda, a kwatanta da ta asali. Reshen da ya ɓace a zanen ka, shi ne karatun gobe.

Idan aka ɗora su a sikeli, taswira ce ta cancanci a fara da ita, domin ita ke nuna nauyin kowane sashe da gibin da ke cikin sani. Jeri kuma ya biyo baya a matsayin jadawali. Mai mako shida a gaba ya ba kowane reshe mako guda: kwana huɗu na ƙananan rassa, na biyar ya zana taswirar duka da ka, na shida ya amsa tsofaffin tambayoyi. Ɗalibi, kafin ka ja reshen farko, nemi manhajar shekarar da za ka zauna jarrabawa, domin littattafan adabi da ake zaɓa suna canjawa. Ka zana da fensir, ka raba reshen da ya cushe, ka kwance wanda ya rame, sannan ka zauna ka yi jeri.